Arewa ba sama ba ce: koya wa yara karatun taswira

A wajen ɗan aji biyu na firamare, taswira zane ce kawai har sai an nuna masa abubuwa uku: alamomi, mabuɗi da kibiyar da ke nuna arewa. Takardar aikin aji mai kyau kan waɗannan take tsayawa.

A zana ƙaramin ƙauye kamar yadda tsuntsu zai hango shi daga sama, da alamomin da ba su wuce biyar ba: jinjirin wata na masallaci, da'ira ta rijiya, murabba'i mai tuta na makaranta, layi biyu na hanya, layi mai lanƙwasa na kogi. A kusurwar takardar sai a yi akwati, a jera kowace alama da sunanta. Wannan akwatin ne mabuɗi. A taswirar gaske shuɗi ne launin ruwa, amma fotokwafi na mayar da launuka toka-toka, don haka siffa ce za ta bambanta alamomin. Yara su shafa launin da kansu daga baya.

Tambayoyi kuma hawa-hawa ake yin su. Da farko, "Zagaye rijiya." Sannan, "Rijiyoyi nawa ne a ƙauyen?" Sai a ƙarshe a shigo da jiha: "Me ke gabas da makaranta?"

A nan ne ake tuntuɓe. Da yake an saba ajiye arewa a saman takarda, yaro yakan ɗauka arewa na nufin sama, kudu kuma ƙasa. Gane hakan ba wuya. A juya takardar gefe, a sake tambayarsa. In ya nuna sabon saman takardar, bai bi kibiyar ba, haddacewa ya yi.

Maganin yana filin makaranta. Da hantsi a fito da yara su fuskanci inda rana ta fito. Gabas ke nan, yamma na bayansu, kudu a hannun dama, arewa a hannun hagu. Sai kowa ya shimfiɗa takardarsa a ƙasa, ya juya ta har kibiyar, wadda galibi harafin N ke kanta, ta dubi arewar gaske. Yanzu ɗan yatsa na kan makaranta, ya ja shi zuwa ɓangaren rana, ya tarar da masallaci. Amsa ta fito.

Malami ya lura da abu guda. Yaran Kano ko Damagaram sun san "gabas" daga salla, amma alƙiblarsu ta ɗan karkata arewa, mafitar rana ma tana gusawa tsakanin damina da hunturu. Wannan kusan-kusan ya ishi ƙananan azuzuwa. Arewa maso gabas da 'yan'uwanta a bar su sai jihohi huɗun sun zauna, har yaro ya iya zana taswirar ajinsu da nasa mabuɗin.