Rage tumɓi a cikin ɗaki: filin tabarma guda ya isa

Jama'a masu saurarenmu, da ƴan'uwa da ke bida a Kano, Abijan ko Aljeriya cikin ƙaramin ɗakin haya: in akwai inda za ku shimfiɗa tabarma, to akwai filin motsa jiki.

Motsi huɗu muke ba da shawara. Na farko tsuguno da tashi: a buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a tura ɗuwawu baya kamar za a zauna bisa kujera, diddige na ƙasa, sannan a miƙe. In diddige na ɗagawa ko gwiwoyi na haɗuwa ciki, an yi ƙasa da yawa, a tsaya rabi. Na biyu, a dafa bango da hannu biyu, a kai ƙirji kusa da shi a turo. In ƙarfi ya zo, a koma yin sa a ƙasa bisa gwiwa. Na uku, tafiya a wuri guda da sauri ana ɗaga gwiwa har ƙugu. Na huɗu, a kifa ciki a ɗaga jiki bisa gwiwar hannu da yatsun ƙafa, baya miƙe kamar katako.

Kowane motsi sakan 40, hutu sakan 20. In an gama huɗun, a huta minti guda. Zagaye huɗu, minti 20 ke nan, kwana uku ko huɗu a sati. Sabon shiga ya fara da zagaye biyu. Ma'aunin shi ne numfashi: kana haki amma kana iya magana. Lokacin zafi, musamman a ɗakin kwano, bayan sallar asuba ya fi.

To amma fa a ji wannan da kyau. Zufa ruwa ce, ba kitse ba, kuma motsin ciki kaɗai ba ya narkar da kitsen ciki. Jiki daga ko'ina yake ragewa. Minti 20 ɗin nan na ƙone wajen kalori 150, alhali gwangwanin lemo guda na santilita 33 na ɗauke da kusan 140. Wanda ya gama ya kora da lemo, ko shayi mai sukari zagaye uku, kusan ya mayar da abin da ya fitar.

Don gane ko ana ci gaba, igiya ta wadatar. A auna tsayi da ita, a ninka ta biyu, a zagaya ciki daidai cibiya. Mai tsayin santimita 170, ana son cikinsa ya kasa 85. In yau 95 ne, aikin watanni ne, don rabin kilo a sati shi ne ragi mai ɗorewa. A riƙa aunawa duk sati biyu, da safe kafin kari.

Mai tansiyo, mai ciwon suga da mace mai juna biyu su fara ganin likita. Ciwon ƙirji, jiri ko suka a gwiwa, a tsaya nan take.