"Dattijo, A Kawo Sanda?": Zolayar Amini Ranar Bazde

Da asubar ranar da aminina ya cika shekara 33 na tura masa saƙo. Ni Bakano ne, shi Bazazzagi, tun muna aji ɗaya a sakandare muke tare. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, dattijon Zazzau, bawan Kanawa. An ce yau 33, amma na duba kalandar Musulunci na ga 34 ce, to ina ka kai ɗayar? Sandar dogarawa tana hanya. Allah ya ƙaro masu albarka, ya bar mu tare." Ko minti biyar ba a yi ba ya mayar mini da martani, wai in fara biyan bashin ƙosan da na ci masa a makaranta kafin in yi maganar sanda, tun da Bakano ko gaisuwa sai ya lissafa riba.

Lissafin nan ba ƙarya ba ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365, tazarar wajen kwana 11 ke nan duk shekara. In aka tara na shekara 33, sai a sami kusan shekara guda cur. Abin tsokana ne mai daɗi, domin babu laifin kowa a ciki, kuma duk wanda kuke sa'anni da shi, kai ma lissafin ya hau kanka.

Bikin zagayowar ranar haihuwa baƙo ne a wurinmu, har ma akwai waɗanda ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini, kuma irin waɗannan ba a tsokanarsu da shi. Amma zolayar kanta 'yar gida ce. Kaka tana ce wa jikanta "mijina", tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, kowa ya san abokin wasansa. A Nijar ma har hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. In ka lura da duk waɗannan, za ka ga abu ɗaya: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Bafulatani ya ce wa Babarbare bawansa, Babarbare ya ce a'a, shi ne ubangida, a yi dariya a watse, gobe a sake.

Wannan shi ne ma'aunin da nake auna saƙon bazde da shi kafin in tura. Zai iya ramawa? Furfurar da ta fara leƙowa a gemu, son shayi mai kauri, rashin zuwa wuri a kan lokaci, kulob ɗin da yake goyon baya da ya sha kashi, tukunyar wake da ya ƙona muna ɗalibai: duk waɗannan shi da kansa yana ba da labarinsu yana dariya, kuma yana da nawa a ajiye. Amma akwai abin da in ka faɗa, babu amsar da mutum zai bayar sai ya haɗiye. Wannan ya tashi daga zolaya ya koma gori.

Na san haka ne domin na taɓa yi. Wata abokiyar karatunmu ta cika shekara 30, aka yi ta zuba mata addu'o'i a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, mu wajen sittin. Ni kuma, da yake mun saba, na rubuta: "Hajiya, talatin ta cika, saura ango." Wasu suka sa alamar dariya. Wani ya ɗora da cewa a kai sunanta masallaci. Ita kuwa, wadda ba a taɓa tsokanarta ta yi shiru ba, sai ta rubuta "Na gode" kawai. Da yamma wata ƙawarta ta kira ni ta ce, "Kai kuwa me ya kai ka? Wata biyu ke nan da aka fasa maganar aurenta, bayan an kawo lefe." Ban sani ba. To amma rashin sanin ba hujja ba ne, domin ko ba a fasa komai ba, mace mai shekara 30 a garinmu tana jin wannan tambaya daga gwaggo, daga maƙwabta, daga duk wanda ya ga dama. Ranar haihuwa kuma rana ce da mutum yake zama ya ƙirga abin da ya samu da abin da bai samu ba. Aure, haihuwa, aikin yi, ciwon da ake fama da shi, ƙibar da ake ta yaƙi da ita: a ranar nan sun fi kowace rana ciwo. Namiji ma haka. Kalmar "tuzuru" tana da daɗin faɗa a majalisa, amma wanda kuɗin sadaki da na ɗaki suka gagara ba ya jin ta a matsayin wasa.

Kuskurena na biyu shi ne wurin da na faɗa. Maganar da za ta wuce lafiya tsakanin mutum biyu tana canza kama a gaban sittin, domin kai ka san iyakarka, amma na bayanka bai sani ba, kuma kowa so yake nasa ya fi naka ban dariya. Haka tsohon hoto yake. Na ɗan makaranta da gajeren wando da kunnuwa a tsaye, a tura masa shi kaɗai, in ya yarda a ɗora. Laƙabin da kuke kiransa da shi a ɗakin kwana kuwa, ba a faɗarsa inda matarsa ko surukansa ko yaran shagonsa za su gani.

Akwai wata tsokanar da ta zama ruwan dare, ta "shekarun takarda". Da yawa cikinmu ba a asibiti aka haife su ba, sai daga baya aka yi takardar rantsuwa a kotu, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi wa mutane yawa. A tsakaninku, "wannan ta gaskiya ce ko ta ofis?" abin dariya ne. Amma a Najeriya wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa hidimar ƙasa, ma'aikacin gwamnati kuma galibi yana ritaya ne a shekara 60 ko bayan 35 yana aiki. Ka rubuta wannan a inda abokan aikinsa suke, ka jefa shi cikin tsegumin da zai iya taɓa abincinsa.

Gane cewa an wuce gona da iri ba wuya. Mai ramawa ya daina ramawa. Amsa ta gajarce, ta koma "to", ko "Allah ya kyauta". In ido da ido ne, za ka ga dariyar yaƙe, ya ɗauki waya yana dannawa. A nan kada ka ce "haba, ba ka san wasa ba?", domin ka ɗora masa laifi na biyu ke nan.

Ni dai na goge saƙon, na kira ta, na ce, "Hajiya, na yi katoɓara, ki yafe mini." Ban kawo zancen auren ba, ita ma ba ta kawo ba. Ta ce ya wuce, da muryar da ta nuna bai gama wucewa ba. Sai bayan wata bakwai, ranar tawa, na ga ta ɗora hotona na aji uku, kaina kamar tulu, ta rubuta a ƙasa: "Wannan kan tun yana yaro ya riga shi girma."