Launin Ɗakin Salla: Farar Ƙasa da Shuni

A ɗakunan ƙasa na Gwiwa taga ƙarama ce, saboda haka launin bango ne ke raba haske. Sabuwar farar ƙasa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Jan yaɓe kuwa yana shanye mafi yawansa, har mai karatun Alƙur'ani ya riƙa matse ido.

Sai dai bangon alƙibla, in ya yi fari fat kuma rana ta doke shi, yakan kashe idon mai salla. Maganinsa a zuba shuni kaɗan cikin ruwan farar ƙasar, a shafa a gefe, a jira ya bushe, domin jiƙaƙƙen launi ya fi busasshe duhu. Fenti mai ƙyalli bai dace ba: yana tsare damshin bango, da damina ya ɓamɓare.