Wasiƙar Shaida Daga Tsohon Wurin Aiki: Yadda Ake Nemanta da Abin da Take Ƙunsa

Wasiƙar shaida takarda ce da tsohon maigida ko shugaban wurin aiki ke rubutawa domin ya gaya wa sabon mai ɗaukar aiki abin da ya sani game da mutumin da ya taɓa yi masa aiki. Sau da yawa ana rikita ta da wasu takardu biyu. Ta farko ita ce takardar shaidar kama aiki da barinsa, wadda ba ta faɗin komai sai ranar da mutum ya fara, ranar da ya bari, da muƙaman da ya riƙe. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci irin wannan takarda idan yarjejeniyarsu ta ƙare, amma babu yabo ko suka a cikinta. Ta biyu ita ce fom ɗin garanto, wanda mai sa hannu a kai yake ɗaukar nauyin biyan asara idan ma'aikacin ya ci amana. Mai rubuta wasiƙar shaida bai ɗauki wannan nauyi ba, abin da idonsa ya gani kawai yake faɗa. Yana da kyau mai nema ya bayyana wannan tun farko, domin mutane da yawa kan noƙe ne saboda suna zaton garanto ake so su tsaya.

Matakin farko shi ne zaɓen wanda za a roƙa. A nan mutane kan ruɗu da girman muƙami, su nufi darakta ko mai kamfani, alhali bai taɓa zama da su kan wani aiki ba. Wanda ya fi dacewa shi ne shugaban da ma'aikaci yake kai wa rahoto kai tsaye, wanda ya san lokacin zuwansa da yadda yake yi ranar da aiki ya cakuɗe. Ɗan'uwa ko suruki bai dace ba ko da shi ne mai wurin, domin sabon wurin aiki zai ɗauki maganarsa a matsayin kara. Kuma ba a rubuta sunan mutum da lambarsa a takardar neman aiki sai an nemi izininsa. Wanda aka kira bagatatan yakan yi inda-inda kafin ya tuna wa ake nufi, kuma wannan inda-indar kaɗai tana iya sa mai tambaya ya yi shakka.

A ɗauki misalin wani matashi da ya riƙe sito a wani babban shagon sayar da magunguna a Kano daga 2019 zuwa 2023, yanzu kuma yana neman aikin jami'in kula da kaya a wata ƙungiyar agaji. Ƙungiyar ta ba shi mako biyu ya kawo shaida. Abin da ya kamace shi shi ne ya fara zuwa da ƙafarsa ko ya buga waya, ya gaida tsohon manajansa, sannan ya biyo da rubutaccen saƙo a ranar. Saƙon zai iya zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne na riƙe muku sito daga Maris 2019 zuwa Yuni 2023. Ina neman aikin kula da kaya a wata ƙungiyar agaji, sun buƙaci wasiƙar shaida daga wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa kafin 20 ga wata. Idan Yallaɓai yana ganin zai iya ba da kyakkyawar shaida a kaina, ina roƙon a taimaka. Na haɗo da sanarwar aikin da takardar tarihin aikina. Allah ya ƙara girma."

Saƙon gajere ne, amma ya tunatar da manajan ko wane ne, ya faɗi aikin da ake nema da ranar ƙarshe, ya kuma haɗo da takardun da za su sauƙaƙa rubutun. Mafi muhimmanci a ciki shi ne wannan "idan" ɗin. Ya bar wa manajan ƙofar janyewa cikin mutunci. Wanda aka matsa wa, kunya ta hana shi cewa a'a, yakan rubuta wasiƙa mai sanyi wadda cutarwarta ta fi ta rashinta. Idan mako ya wuce shiru, ana iya tunatarwa sau ɗaya. Shiru na biyu amsa ce, sai a nemi wani.

Ita kanta wasiƙar ba ta wuce shafi guda. Ana buga ta a takarda mai kan sunan ma'aikatar da adireshinta, da kwanan wata, galibi da Turanci a Najeriya da Gana, da Faransanci a Nijar. Sakin layi na farko yana faɗin wane ne marubucin, a wane matsayi ya san mai neman, kuma tsawon wane lokaci. Na biyu, wanda shi ne naman wasiƙar, yana bayyana aikin da mutumin ya yi. Na uku yana ba da hukuncin marubucin, sai sa hannu, cikakken suna, muƙami, lambar waya, da hatimi idan akwai.

A sakin layi na biyu ne ake gane wasiƙa mai amfani. Manajan da ya rubuta cewa yaron "mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai ladabi" bai faɗi abin da ba a rubuta wa kowa ba. Wanda ya rubuta cewa shi ke karɓar kaya daga masu kawowa, yana gwada su da takardar oda, yana ƙirga sito duk ƙarshen wata, yana fitar da maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa kafin sabo, kuma a shekara huɗu ba a taɓa samun giɓin da ya kasa bayani a kai ba, ya ba ƙungiyar abin da za ta auna da aikin da take son ba shi. Masu ɗaukar aiki kuma sun iya karanta abin da aka tsallake. Idan wasiƙar mai riƙe kuɗi ko kaya ta yabi fara'arsa da zuwa a kan lokaci amma ba ta ambaci amana ba, za su lura. Shi ya sa jumlar da ta fi kowace nauyi ita ce inda marubucin ya ce da zai samu dama da ya sake ɗaukarsa.

A kan marubucin ma akwai nauyi. A 1994, kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan lokaci, wato Majalisar Iyayengiji, ta yanke a shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian cewa tsohon ma'aikaci na iya neman diyya idan an yi sakaci wajen rubuta masa shaida har ta hana shi aiki. Hanyar tsira ita ce marubucin ya tsaya kan abin da ke cikin fayil da abin da ya gani, kada ya mayar da zargin da ba a bincika ba ya zama hukunci. Haka nan wanke ɓarawo don tausayi zalunci ne ga wanda zai ɗauke shi.

Manyan ma'aikatu ba su cika dogara da takardar da mai nema ya kawo a hannu ba. Sukan kira lambar ofishin da suka samo da kansu, ko su aika fom kai tsaye ga mai shaidar, su gwada kwanakin da ya faɗa da na takardar tarihin aiki. A nan ake kama wasiƙar jabu, kuma a nan saɓanin wata biyu ko uku, ko muƙamin da aka ɗan ƙara wa girma, ke jawo wa mai gaskiya tambaya. Wanda kuwa ya rabu da wurin aikinsa baram-baram, gara ya nemi takardar kwanaki da muƙami kawai daga ofishin kula da ma'aikata, ya samo shaidar hali daga wani shugaba na baya, sannan ya faɗi dalilin rabuwar da bakinsa a wurin ganawa kafin a ji shi daga wani.