Yadda lafiyayyar ƙwayar halitta ke rikiɗewa ta zama kansa: Abin da ke faruwa a cikin hanta tsawon shekaru

Idan likita ya shaida wa magidanci ɗan shekara 40 cewa yana da kansar hanta, iyalansa kan ce ciwon ya zo ne farat ɗaya. Wata uku da suka wuce yana fita kasuwa, yau ga ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, jiki ya rame.

Alamomin ne suka zo farat ɗaya. Shi ciwon kansa ya daɗe yana ginuwa, sau da yawa shekara 20 zuwa 30, a cikin ƙwayar halitta guda ɗaya da zuriyarta. Kansar hanta, wadda ke kashe mutane da yawa a Afirka ta Yamma tun suna tsakiyar ƙarfinsu, tana cikin misalan da masana suka fi bin sawun wannan tafiya.

Littafin da ake kwafa kullum

Jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Da yawa daga cikinsu suna da kundin umarni da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Kundin yana da haruffa kusan biliyan 3, kuma a cikinsa akwai sassa kimanin 20,000 da ake kira ƙwayoyin gado. Kowane sashe umarni ne na ƙera wani abu da ƙwayar ke aiki da shi.

Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu, sai ta kwafe kundin nan baki ɗaya. Tana da masu duba rubutu da ke gyara kusan dukkan kurakurai, amma jefi-jefi wani harafi kan tsallake. Haka kuma guba, hayaƙin taba ko wasu ƙwayoyin cuta kan lalata haruffa. Kuskuren da ba a gyara ba yakan zauna, kuma duk 'ya'yan da ƙwayar za ta haifa za su gaje shi.

Yawancin waɗannan kurakurai ba sa yin komai, domin suna faɗawa ne a wuraren da ba su shafi girma ba. Matsalar tana tasowa ne idan kuskure ya faɗa kan ɗaya daga cikin rukuni biyu na ƙwayoyin gado. Rukunin farko kamar totur ne a mota, su ke cewa a rabu, a ƙaru. Na biyu kamar birki ne, su ke cewa a tsaya, a yi gyara, ko kuma ƙwayar ta kashe kanta idan ta lalace da yawa.

Kuskure ɗaya bai isa ba. Ko totur ya maƙale, birki na nan. Shi birkin ma kwafi biyu gare shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma galibi sai duka biyun sun samu matsala kafin ya daina kamawa.

Tun a 1954 wasu masana biyu a Birtaniya, Peter Armitage da Richard Doll, suka duba yadda mace-macen kansa ke ƙaruwa da ƙaruwar shekaru, suka lissafa cewa dole cutar na buƙatar matakai kamar shida ko bakwai a jere. Binciken zamani kan DNA ya nuna cewa yawancin kansar manya na ɗauke da manyan kurakurai tsakanin biyu zuwa takwas waɗanda su ke tuƙa ciwon. Kafin su haɗu a cikin zuriyar ƙwaya ɗaya, sai an ɗauki shekaru.

Matakin farko: hanta mai ciwo

A ɗauki misalin yaron da ya kamu da ƙwayar cutar hanta nau'in B a ranar haihuwarsa, daga jinin mahaifiyarsa. Kimanin tara cikin goma na jariran da suka kamu a wannan lokaci, cutar kan zauna a jikinsu har girma. Ga wanda ya kamu yana baligi kuwa, ƙasa da biyar cikin ɗari ne ke zama haka. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya gano cutar a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64.

Yaron zai taso lafiya lau a ido. Amma a cikin hantarsa, garkuwar jiki na ta kashe ƙwayoyin da cutar ta shiga, hantar kuma na ta haifar sababbi don cike gurbi. Ƙwayoyin hanta da a ƙa'ida ba su cika rabuwa ba, sai su koma rabuwa a kai a kai. Kowace rabuwa sabon kwafi ne, kowane kwafi kuma dama ce ta kuskure.

Cutar tana da wata ɓarna ta biyu. Takan cusa guntun DNA ɗinta a cikin kundin ƙwayar hanta, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun ta shi ne kusa da ƙwayar gado mai suna TERT.

Muhimmancin wurin shi ne: a ƙarshen kowane zaren DNA akwai wani ɗan murfi da ke gajarcewa duk lokacin da aka rabu. Idan ya ƙare, ƙwayar ta tsufa ke nan, sai ta daina haihuwa. TERT ne ke iya sake tsawaita murfin, shi ya sa yake a kashe a yawancin ƙwayoyin baligi. Idan aka kunna shi, ta hanyar cutar ko ta kuskuren harafi, an samu ƙwayar da ba ta tsufa. Ba ta zama kansa ba tukuna, amma yanzu tana da lokacin da za ta jira kuskure na gaba.

Mataki na biyu: guba daga rumbu

Kuskure na gaba yakan shigo ta abinci. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya wahalar da shuka, ko aka adana amfanin da sauran danshi a wuri mai zafi. Tana fitar da guba da ake kira aflatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Burazil. Dafuwa ko suya ta yau da kullum ba ta kawar da ita.

Hanta ce ke tace abin da aka ci. A ƙoƙarinta na sarrafa gubar, sai ta mayar da wani ɓangarenta wani sinadari da ke manne wa harafin G a jikin DNA. Idan aka zo kwafi ba a cire shi ba, G kan koma T.

Ana karanta ƙwayoyin gado ne kalma-kalma, kowace kalma haruffa uku. A 1991, ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya na nazarin majinyata daga Qidong a China, ɗaya kuma daga kudancin Afirka, suka ga abu iri ɗaya. A cikin ƙwayar gado mai suna TP53, kalma ta 249 da ya kamata ta zama AGG ta koma AGT. Daga baya an samu wannan tabo a jinin kusan kashi ɗaya bisa uku na masu kansar hanta da aka bincika a Gambiya. A Turai da Amurka, inda gubar ta yi ƙaranci a abinci, da wuya a gan shi.

TP53 shi ne babban birkin ƙwayar halitta. Shi ke tsayar da rabuwa idan DNA ya lalace, shi ke ba da umarnin mutuwa idan gyara ya gagara. Ana samun sa a lalace a kusan rabin dukkan kansar ɗan'adam. Harafi ɗaya cikin biliyan 3 ya isa ya gurgunta shi, kuma sau da yawa kwafi na biyun ma yakan ɓace daga baya.

Yanzu an samu ƙwayar da ba ta tsufa, ba ta kuma tsayawa gyara. Zuriyarta za ta fi maƙwabta yaɗuwa, kurakurai kuma za su riƙa taruwa da sauri fiye da da. Wani zai maƙale totur, wani zai sa ƙarin ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, wani zai ba shi damar kutsawa cikin manyan jijiyoyin hanta. Jerin ba lallai ya zo iri ɗaya ga kowa ba, amma taruwar ce ke kai wa ga kansa.

Wani bincike da aka yi kan maza fiye da 18,000 a Shanghai ya nuna ƙarfin haɗuwar abubuwan biyu. Masu alamar aflatoksin kaɗai, haɗarinsu ya ninka kusan sau uku. Masu cutar hanta nau'in B kaɗai, kusan sau bakwai. Waɗanda suka haɗa biyun kuwa, kusan sau 60.

Inda ake iya tare hanya

Tunda ciwon na buƙatar matakai da yawa, cire guda ɗaya na iya jinkirta shi ko hana shi. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin cutar hanta nau'in B a 1984, kuma cikin shekaru kaɗan kansar hanta a tsakanin yara ta ragu da kusan rabi. A Qidong, mutane sun koma cin shinkafa a maimakon masara daga tsakiyar shekarun 1980, gubar ta ragu ƙwarai a jininsu, mace-macen kansar hanta kuma suka sauka har a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafi ba.

Najeriya ta saka wannan allura cikin rigakafin yara a 2004. Allurar farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, wanda ke nufin jaririn da aka haifa a gida sai an hanzarta kai shi asibiti.

Ga baligi, gwajin jini mai suna HBsAg ne ke nuna ko yana ɗauke da cutar. Idan likita ya ga hantar na buƙatar magani, akwai ƙwayoyi irin su tenofobir da ke danne cutar, su rage kumburin da ke tilasta wa hanta yawan rabuwa. Ba sa goge kurakuran da suka riga suka zauna, shi ya sa haɗarin ke raguwa amma ba ya ɓacewa. Saboda haka ake ba masu haɗari sosai shawarar yin hoton hanta duk wata shida, domin ƙarin da bai wuce santimita biyu ba yawanci ba ya ciwo, kuma a lokacin ne aka fi iya cire shi ko ƙone shi.

A gona da rumbu kuwa, abin da ke rage gubar sananne ne: busar da gyaɗa da masara sosai a kan tabarma ko tamfol, tsince waɗanda suka ruɓe, suka tauye ko suka canja launi, da ɗora buhuna a kan katako nesa da danshin ƙasa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kuma samar da Aflasafe, wata fumfuna marar guba da ake watsawa a gona don ta kori mai gubar.

Tsinta na da amfani ne kawai idan tsintacciyar gyaɗar ba ta dawo cikin tukunya ba. Wadda aka ware saboda ba za ta sayu ba, ita ce ta fi tara gubar, kuma idan aka niƙa ta aka yi ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ido ba zai ƙara iya bambanta ta da mai kyau ba.