Me Ya Sa Hantarki Take Tauri?

Ranar Babbar Sallah, hanta ce ake fara ɗorawa a wuta, kuma ita aka fi ɓatawa. Tumbi da hanji suna da jijiya, sai sun daɗe suna tafasa suke laushi. Hanta kuwa da laushinta ta zo. Zafi yana taɓa ta sai ta tsuke ta matse ruwan jikinta, in aka ƙara mata mintuna kaɗan ta koma kamar roba, ko ta riƙa dagargajewa gari-gari a baki tana ɗaci. Shi ya sa mai zuba kayan ciki gaba ɗaya a tukunyar farfesu take cin tumbi mai daɗi da hanta mai tauri. Ita hanta a mintuna 5 na ƙarshe ake jefa ta.

Ga misali da rabin kilo na hantar rago. A sa tsinin wuƙa a ɗaye siririn tantanin da ke bayanta, domin shi ne yake ƙanƙancewa ya nannaɗe yankan a kasko. A yanka ta fale-fale, kaurin ƙaramin yatsa, kowane yanka daidai da ɗan'uwansa. Wasu kan jiƙa ta a madara na rabin awa don rage ƙarni. A ganina hantar rago sabuwar yanka ba ta bukata, ta sa ce ke amfana. A tsane ta sosai, don jiƙaƙƙiyar hanta dahuwa take yi a kasko, ba suya ba.

Albasa da attaruhu su fara soyuwa, a kwashe su gefe. Sai mai ya yi zafi har yanka ɗaya ya yi cuu da zarar ya sauka, sannan a jera hantar ba tare da cunkuso ba. Rabin kilo ya fi kyau a soya shi kashi biyu. Minti 2 a juya, wani minti 2 a duba. A tsaga yanka mafi kauri: in jini yana fita, da saura, in cikin ya dahu amma da danshi, a sauke nan take, don zafin jikinta zai ƙarasa. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 71. Gishiri da yaji a ƙarshe.

Ƙoda tana da nata hali. A raba ta biyu, a yanke farin kitsen da ke tsakiya, nan zarnin yake, a jiƙa a ruwan gishiri na rabin awa. Ta rago mintuna 4 ko 5 a wuta mai ƙarfi sun ishe ta, ruwan farko da ta fitar kuma a zubar. Ta sa ta fi gardama: ko dai a yanka ta sirara a soya da sauri, ko a bar ta a ƙaramar wuta wajen awa ɗaya da rabi har ta sake laushi. Wadda aka sauke a minti 20, haƙori ne zai sha wahala.