A Daina Cewa Jadawalin "Idan" Ya Halatta Ƙarya

Akwai wata magana da ke yawo a bakin ɗalibai, tun daga na babbar sakandare har zuwa 'yan shekarar farko a jami'a, wadda na gaji da jin ta. Wai ilimin mandiƙi ya ce in mutum ya fara zance da ƙarya, duk abin da ya faɗa bayan nan ya zama gaskiya. Wasu su yi dariya su ce shirmen zamani ne, wasu kuma su haddace jadawalin ranar jajiberin jarrabawa, su juye a takarda, su fito ba su san abin da suka rubuta ba. Abin takaicin shi ne akwai malaman da in an tambaye su dalili, sai su ce haka dokar take, a haddace kawai. Wannan ba amsa ba ce, kuma ita ce ke ciyar da jita-jitar.

Zancen da ake magana a kai shi ne mai siffar "idan p, to q", wanda ake rubutawa p → q. Ɓangaren farko shi ne sharaɗi, na biyu sakamako. Ga jadawalin, T na nufin gaskiya, F na nufin ƙarya, kamar yadda littattafan makaranta ke rubutawa:

```
p   q   p → q
T   T     T
T   F     F
F   T     T
F   F     T
```

Babu mai jayayya da layi biyu na sama. Rigimar duk tana kan biyun ƙasa.

Mu je shagon tela. Ya ce maka, "Idan ka kawo yadinka kafin Laraba, zan ɗinka maka kafin Sallah." Ka kai ranar Litinin, ya ɗinka: ya cika alkawari. Ka kai ranar Litinin, Sallah ta zo yadin na nan a ninke ƙarƙashin keke: ya saɓa, kana da bakin magana. To, a ce ka yi sakaci sai ranar Juma'a ka kai. In ya tausaya ya kwana kan keke ya ɗinka, ya yi maka alheri. In bai ɗinka ba, wa za ka kai wa ƙara? Bai ce komai a kan mai kawowa ranar Juma'a ba. Hanya ɗaya tak ake kama shi da ƙarya: a cika sharaɗi, sakamako ya ƙi zuwa. Tunda a wannan tsarin zance ko dai gaskiya ne ko ƙarya, babu tsaka-tsaki, abin da ba a karya ba yana nan a gidan gaskiya.

Na san mai taurin kai zai ce, rashin karyawa daban, gaskiya daban. Madalla, sai mu koma lissafi, inda babu tausayi ko sakaci. Ɗauki wannan: idan 4 tana raba lamba ba saura, to 2 ma tana raba ta ba saura. Duk wanda ya yi firamare ya yarda cewa haka ne ga kowace lamba. Gwada 8: sharaɗi ya tabbata, sakamako ya tabbata. Gwada 6: 4 ba ta raba ta, amma 2 tana rabawa, wato layi na uku ke nan. Gwada 7: babu mai raba ta a cikinsu, layi na huɗu. Yanzu duk wanda ya nace cewa layi na uku da na huɗu ƙarya ne, dole ya ce 6 da 7 sun rushe dokar, alhali ya san ba su taɓa ta ba. Abin da zai rushe ta shi ne a samo lambar da 4 ke rabawa amma 2 ta kasa, kuma babu ita. In har muna son mu iya cewa "ga kowace lamba", tilas lambobin da sharaɗin bai hau kansu ba su wuce lafiya.

Wanda bai gamsu ba har yanzu, ya ɗauki biro ya gwada sauya layukan ƙasan da kansa. Ya sa F a duka biyun, sai ya ga ya rubuta jadawalin "p da q", wanda ke nufin tela ya rantse cewa lalle za ka kawo yadin. Ya sa T a na uku, F a na huɗu, sai ginshiƙin ya zama q zalla, sharaɗin ya zama ado. Ya juya su, F a na uku, T a na huɗu, sai ya sami "idan kuma sai idan", wanda ya haramta wa tela yi maka alheri ranar Juma'a. Zaɓi huɗu ne gaba ɗaya, uku sun riga sun zama na wasu. T da T kaɗai suka rage wa "idan".

Ga kuma inda masu jita-jitar suka fi ɓata. Abin da jadawalin ya kira gaskiya shi ne zancen dungurungum, ba sakamakon ba. "Idan 1 = 2, to 2 = 3" zance ne na gaskiya, domin ƙara 1 kawai aka yi a kowane gefe, amma 2 ba ta zama 3 ba. Daga wannan sharaɗin dai, ka ninka kowane gefe da sifili ka sami 0 = 0, wadda gaskiya ce. Ka ga ke nan matakai ingantattu sun fitar da ƙarya sun kuma fitar da gaskiya daga tushe guda na ƙarya. Kafin ka ciro q ka tafi da ita, sai ka riƙe abu biyu a hannu: p → q gaskiya ce, kuma p kanta gaskiya ce. Mai sharaɗin ƙarya ba shi da na biyun, don haka bai tabbatar da komai ba. Ina halascin ƙarya a nan?

Batun "shirmen zamani" kuwa, Philo, wani masanin mandiƙi na Girka, ya faɗi wannan ƙa'idar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, malaminsa Diodorus kuma ya saɓa masa. Jadawalin ya shahara ne bayan ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein na 1921. Almajiran da suka karanta mandiƙi a zaure sun san muƙaddam da tali, sun kuma san an raba zancen sharaɗi zuwa luzumiyya, inda na farko ke jawo na biyu, da ittifaƙiyya, inda dacewa ce kurum. Jadawalin bai damu da wannan bambancin ba, kuma iyakarsa ke nan: ba ya auna ko p ce ta haddasa q, ba ya kuma hukunta zance irin "da ka zo jiya, da ka same shi", wanda sharaɗinsa dama bai auku ba.

Saboda haka in an ba ka zancen "idan", kada ka ɓata lokaci kan layi huɗu. Nemi misali ɗaya da sharaɗi ya cika sakamako ya faɗi. In ka samu, zancen ƙarya ne, in kuwa ka nuna ba zai yiwu a samu ba, gaskiya ne. Ka kiyayi ramuka biyu da ke cinye maki. Kada ka ce tunda 4 ba ta raba 6, to 2 ma ba ta raba ta. Kada kuma ka ce tunda 2 ta raba 6, to 4 ma ta raba. Juyin da ya halatta ɗaya ne: in sakamako bai tabbata ba, sharaɗi ma bai tabbata ba, shi ya sa da ganin 2 ta kasa raba 7 ka san 4 ba za ta iya ba.

Malaman lissafi, don Allah, kafin ku zana jadawalin a allo, ku rubuta 8 da 6 da 7, ku bar yaran su cike layukan da hannunsu.